Ƙabar uba da ta jinjiri: me ya sa aka ce a fara da yaron?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni magidanci ne, shekarata 54, ina sana'ar hatsi a kasuwar Dawanau, kuma na yi shekara ashirin ina dakon buhu kafin in samu rumfa. Shekara biyu ke nan wani kumburi kamar rabin lemo yake fito mini a matsematsin hagu in na tsaya ko na yi tari, da na kwanta sai ya ɓace. Ba ya sauka cikin maraina, ba ya ciwo, sai dai nauyi da yamma. Ina shan taba, ina kuma tari da asuba. Yanzu autana ɗan wata uku, wanda aka haifa a wata takwas, shi ma kumburi na fito masa a dama in yana kuka, har ya gangara cikin marainansa. A asibiti an ce mu duka ƙaba ce, amma a yi wa yaron aiki ba da jinkiri ba, ni zan iya jira. Surukata ta ce ni na gadar masa, kuma ba a taɓa jinjiri da wuƙa, a bari ya girma ko a kai shi wurin wanzami. Uwarsa kullum cikin hawaye, wai don ta bar shi yana kuka ne. Likita, tawa ta fi girma, ta fi daɗewa, me ya sa za a fara da shi? Kuma aikin ba zai hana shi haihuwa ba?

Wani magidanci daga Kano

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ku lafiya kai da yaron. Likitan da ya duba ku ya yi daidai, kuma ina roƙonka kada ka bari ranar da aka ba yaron ta wuce. Amma na san umarni kaɗai ba zai kwantar maka da hankali ba, balle ya kwantar da na mutanen gida, don haka bari in nuna maka wurin da abin yake faruwa, a jikinka.

Ka kwanta rigingine. Ka taɓa ƙashin da ya ɗan turo a gaban ƙugunka, daidai inda mazagin wando yake zama. Sannan ka gangaro da ɗaya hannun zuwa ƙashin mara, saman gindin al'aura, ka matsa gefe kaɗan, za ka ji wani ɗan tudun ƙashi. Tsakanin waɗannan wurare biyu akwai wata igiya mai ƙarfi a ƙarƙashin fata, tana bin layin da ciki ya haɗu da cinya. A saman rabin igiyar nan na wajen tsakiya akwai wani ɗan lungu da ya ratsa bangon ciki a karkace, daga sama da gefe zuwa ƙasa da tsakiya. Tsawonsa a jikin babba kamar santimita 4 ne, wato bai kai ɗan yatsa ba. Likitoci suna ce masa ingwinal kanal. Kowa yana da shi, dama da hagu, mace da namiji, kuma ta nan ne ƙabarka da ta ɗanka suka samu mafita.

Lungun yana da ƙofa biyu. Ƙofar ciki tana sama kaɗan da tsakiyar igiyar da ka taɓa, tana buɗewa ta wajen hanji. Ƙofar waje tana dab da ɗan tudun ƙashin nan, tana buɗewa ƙarƙashin fata, hanyar zuwa maraina. Ka duba yadda magina suke yin zaure a gidajenmu na gargajiya: ƙofar da ke fuskantar titi ba ta saiti da wadda ke shiga cikin gida, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Haka ƙofofin nan biyu suke. Da suna saiti, duk tarin da mutum ya yi sai hanji ya miƙe ya fita. Da yake suna karkace, in ciki ya cika da ƙarfi sai bangon baya ya manne da na gaba, lungun ya rufe kansa.

Bangunan huɗu ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Bangon gaba shimfiɗa ce fara mai sheƙi, mai tauri kamar jemammiyar fata, wadda ta fito daga tsoka ta farko, wato ta waje, cikin tsokoki uku da ke jere a bangon ciki. A ɓangarensa na gefe, daidai gaban ƙofar ciki, tsoka ta biyu ta ƙara masa kauri. Daɓen lungun shi ne igiyar nan, wadda ba komai ba ce illa bakin shimfiɗar gaba da ya naɗe ciki kamar kalmasar riga. Rufin kuwa tsoka ce mai rai: zaruruwan tsoka ta biyu da ta uku sun taso daga igiyar, sun yi baka a kan lungun kamar bakan gizo na ɗaki, sun sauka a ƙashin mara. In ka yi tari ko ka sunkuci kaya, wannan bakan yana tsukewa ya sauko wajen daɓe, ya kāre abin da ke bayansa. Abin da ke bayansa shi ne bangon baya, kuma shi ne mai rauni a cikin huɗun. Tantani ne kawai, sirara, sai a can kusa da tsakiya inda jijiyar tsokokin nan biyu ta haɗu ta ƙarfafa shi, daidai bayan ƙofar waje. Ka lura da tsarin: gaban kowace ƙofa ko bayanta akwai ƙarin kauri. Amma tsakiyar bangon baya ta dogara ne ga ingancin tantanin da kuma kuzarin rufin.

To me ya sa aka bar lungu a wurin da hanji yake danna wa dare da rana? Domin ɗan maraina ba a cikin maraina aka halicce shi ba. A cikin cikin ɗan tayi yake farawa, can sama kusa da ƙoda, sannan ya riƙa saukowa. Wajen wata na bakwai na ciki yake ratsa wannan lungu, ya isa jakarsa kafin haihuwa a mafi yawan yara. Yana tafe yana jan kayan aikinsa a bayansa, kuma su ne suke zaune a lungun har tsufa, a dunƙule kamar tufkakkiyar igiya: bututun da ke ɗauko maniyyi, jijiyar jinin da ke ciyar da ɗan marainan, tarin ƙananan jijiyoyin da ke mayar da jini, da siraran jijiyoyin ji. Akwai kuma wata jijiyar ji da ke kwance a kan igiyar, mai kula da fatar saman maraina da cikin cinya. A jikin mace abin da ke lungun igiya ce sirara da ke riƙe mahaifa, shi ya sa lungunta ya fi tsukewa. Wannan bambanci yana da yawa: a lissafin da likitocin fiɗa suka saba kawowa, kusan maza 27 cikin 100 za su yi ƙabar matsematsi a tsawon rayuwarsu, mata kuwa kusan 3.

Yanzu ga inda labarin ɗanka ya fara. Ɗan maraina ba shi kaɗai yake sauka ba. Tantanin da ya lulluɓe cikin ciki yana turo wani ɗan aljihu, kamar yatsan safar hannu, ya bi ta ƙofar ciki har zuwa maraina. Ana son wuyan aljihun ya liƙe ya bushe gab da haihuwa ko jim kaɗan bayanta. Yaron da ya zo kafin lokacinsa sau da yawa yana zuwa ne aljihun bai gama rufewa ba, shi ya sa ƙaba ta fi yawa sosai ga bakwaini. Kuma ɗan maraina na dama yana makara wajen sauka fiye da na hagu, don haka ta fi fitowa a dama, kamar yadda ta yi wa naka. In ramin aljihun ƙarami ne ƙwarai, ruwa ne kawai zai bi, a samu gwaiwar ruwa, wadda a jarirai takan baje da kanta cikin shekara ɗaya zuwa biyu. In ya isa hanji ya shiga, to ƙaba ce, kuma ita ba ta rufewa da kanta. Ita ce likitoci ke ce wa indairet, wato ta zagaye: ta shiga ta ƙofar ciki, ta bi lungun tare da igiyar maraina, ta fita ta ƙofar waje, ta gangara. A jikin jinjiri ma lungun gajere ne ƙwarai, ƙofofin biyu kusan suna kan juna, don haka kariyar zauren nan da na faɗa ba ta gama samuwa ba tukuna.

Ka gaya wa maiɗakinka, daga bakina, cewa kuka bai huda cikin ɗanta ba. Hanyar a buɗe aka haife shi da ita. Kukan tura hanjin kawai yake yi ya nuna ta, kuma da bai nuna ba da ba ku sani ba sai ranar da ta maƙale. Ta share hawayenta, ba ta da laifi ko kaɗan.

Taka, bisa yadda ka siffanta ta, ta fi kama da ɗaya nau'in, wadda ake ce wa dairet, ta kai-tsaye. Ita ba ta bi ta ƙofa ba, bangon baya ne ya saki. A bangon nan akwai wani fili mai kusurwa uku da ke ɗauke da sunan Hesselbach, wani masanin sassan jiki Bajamushe da ya bayyana shi a farkon ƙarni na 19. Iyakarsa ta ƙasa igiyar matsematsi ce, ta tsakiya bakin doguwar tsokar da ke gangarowa ta gefen cibiya, ta gefe kuma wata jijiyar jini ce da ke hawa bangon ciki ta baya. A wannan fili babu tsoka. Da shekaru suka tura, tantanin yana laushi, rufin da ke saukowa ya kāre shi yana rage kuzari, sai wurin ya bunƙuro gaba kamar katangar ƙasa da ta sha damina ba yaɓe. Shi ya sa taka take zagayayya, take fitowa da ka miƙe, take komawa da ka kwanta ba tare da ka tura ba, kuma ba kasafai irinta take sauka maraina ba. Ita jijiyar jinin da na ambata ita ce alƙali tsakanin nau'ukan biyu: wadda ta fito ta gefenta na waje ta zagaye ce, wadda ta fito ta gefenta na tsakiya ta kai-tsaye ce. Duba da hannu daga waje yana ba da hasashe, amma a kan gadon fiɗa ake tabbatarwa, kuma wani lokaci akan tarar da su biyu a gefe guda, sun hau jijiyar kamar ƙafafun wando.

Dakon buhu na shekara ashirin ya ba da nasa, ban musa ba. Amma abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne tabar da tarin asuba. Taba tana lalata zaren da ke ba tantanin jiki ƙarfi, tana kuma hana rauni warkewa da kyau, tari kuma yana dukan bangon kowace safiya. In kana yunƙuri wajen bayan gida, ko fitsari yana maka gardama kana tashi sau da yawa cikin dare, wanda a shekarunka yakan zama kumburin furostet, wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ka faɗa wa likita kafin aiki. Gyaran bango ba tare da an kula da abin da ke dukansa ba yana ƙara yiwuwar ta dawo. Tarin da ya daɗe ma shi kansa yana son a duba ƙirji.

Maganar gado kuwa, akwai ƙanshin gaskiya a zancen surukarka, domin ƙaba takan yawaita a wasu dangi. Sai dai abin da ya sami ɗanka da abin da ya same ka hanyarsu daban: shi ƙofa ce ba ta rufe ba saboda ya zo da wuri, kai bango ne ya gaji. Ba cuta ce da ka ɗauko a kasuwa ka shafa masa ba.

Ga amsar babbar tambayarka. Haɗarin ƙaba yana ga faɗin wuyanta, girman kumburin ba ya nuna shi. Taka bakinta faffaɗa ne, hanji ya shiga ya fita a sake, da wuya ya maƙale. Ta ɗanka wuyanta matsattse ne. Wata rana madaukin hanji zai iya shiga ya kasa komawa. Da farko jijiyoyin da ke mayar da jini ne suke matsewa, hanjin ya kumbura, kumburin ya ƙara shaƙe wuyan, har jinin da ke shigowa ma ya tsaya. Cikin 'yan awoyi hanjin zai fara mutuwa. Kuma wannan maƙalewa ta fi faruwa a watannin farko na rayuwa, daidai inda yaronka yake yanzu. Shi ya sa «a bari ya girma» take nufin a ratsa lokaci mafi haɗari ba tare da kariya ba.

Nan ne kuma tsoronka game da haihuwa ya kamata ya juya. Ka tuna jijiyar jinin ɗan maraina tana cikin lungun nan ɗaya da hanjin. Hanji da ya maƙale yana danne ta, kuma ɗan marainan jinjiri zai iya shanyewa saboda haka. Aikin da aka shirya cikin natsuwa yana da nasa ɗan haɗari ga bututun maniyyi da jijiyar, ba zan ɓoye maka ba, amma kaɗan ne a hannun wanda ya saba, kuma ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba a kan na aikin gaggawa da tsakar dare, lokacin da komai ya kumbura. Aikin yaro ba irin na babba ba ne. Ana yin 'yar tsaga a kan layin fatar mara, a nemo aljihun, a raba shi a hankali da bututun da jijiyoyin, a ɗaure wuyansa a ƙofar ciki, a yanke. Ba a saka ragar da ake shimfiɗa wa manya don ƙarfafa bango, ba a ɗinke tsoka, domin bangunansa lafiyarsu ƙalau. In akwai hali, ka nemi a yi a asibitin da ke da likitan fiɗar yara da mai ba da maganin barci wanda ya saba da jarirai. Wannan shi ne ya fi cancanta ka kashe wa kuɗin mota.

Batun wanzami, don Allah a bar shi gaba ɗaya. Abin da ke ƙarƙashin fatar nan hanji ne, tazararsa da aska ba ta kai kaurin yatsa ba. Tsaga ko ƙaho ko ɗaure wurin da tsumma ba ya rufe aljihun da ke can ciki, kuma in aska ta taɓa hanji, kashi ne zai zuba a cikin yaron. Ka je da surukarka asibiti ranar ganin likita, a nuna mata da idonta yadda kumburin yake komawa ciki da ɗan ƙugi in an tura a hankali. Dattijuwa ce, tsoro ne na ƙauna ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, kuma gani ya kori ji.

Kafin ranar aiki, ku sa ido a kan waɗannan alamu. In kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa ko yaron yana barci, in yana kuka ba ƙaƙƙautawa yana ƙin nono, in ya fara amai, musamman kore, in cikinsa ya kumbura ya daina kashi, ko fatar wurin ta yi ja ko ta yi duhu, to ba a jiran gari ya waye. Kada a matsa da ƙarfi, kada a ba shi jiƙo ko wani abu ta baki, a tafi asibiti nan take a ce ƙaba ce ta maƙale. Kai ma alamun ɗaya ne a jikinka: ciwo mai tsanani farat ɗaya, kumburi da ya ƙi kwanciya, amai, rashin fitar tusa.

Akwai nau'i na uku da nake so matan gidanka su sani, ko da yake ba ta lungun nan yake bi ba. A ƙarƙashin igiyar matsematsi, inda manyan jijiyoyin jini suke wucewa zuwa ƙafa, akwai wani ɗan gurbi a gefen jijiyar na ciki. Hanji yakan kutsa nan, a samu ƙabar femoral: ɗan ƙullutu kamar goro a saman cinya, ƙasa da ɗan tudun ƙashin da ka taɓa kuma ta gefensa na waje, alhali ta matsematsi tana fitowa ta samansa. Ta fi samun mata, musamman dattijai. Bakin gurbin kewaye yake da ƙashi da jijiya marasa miƙewa, don haka ita ce ta fi kowace saurin shaƙe hanji, kuma sau da yawa ana ɗaukarta kaluluwa. Duk matar da ta ji irin wannan ƙullutu kada ta jira ya yi ciwo.

Kai kuma, jiran da aka ce ka yi ba yana nufin ta warke ba. Namijin da ƙabarsa ba ta ciwo kuma take komawa da sauƙi zai iya jinkirtawa ba tare da babban haɗari ba, amma yawancin masu jira sukan dawo neman aiki cikin wasu shekaru saboda ta girma ko ta fara ciwo, kuma nauyin da kake ji da yamma alama ce ta fara magana. Ɗamarar da ake sayarwa tana danne kumburin ne kawai. Naka aikin gyaran bangon baya ne. Tun shekarun 1880 wani likita a Padua ta ƙasar Italiya, Edoardo Bassini, ya nuna yadda ake ɗinke rufin da daɓen a sake gina bangon. Daga shekarun 1980 kuma hanyar wani likita mai suna Lichtenstein ta yaɗu, inda ake shimfiɗa raga a kan bangon ba tare da an ja tsoka ba, a tsaga mata gefe igiyar maraina ta wuce, kuma ƙabar da aka gyara da raga ba ta cika dawowa ba kamar wadda aka ɗinke kawai. Ana iya yi da allurar kashe wurin ko ta baya, kana farke. Abin da za ka tambaya a kai shi ne ciwon da kan daɗe bayan aiki, wanda yake samun kusan mutum ɗaya cikin goma, yawanci saboda jijiyoyin jin nan da ke cikin lungun. A mafi yawansu mai sauƙi ne. Ka ajiye taba aƙalla mako huɗu kafin aikin, ka zaɓi lokacin da kasuwa ta lafa ba tsakiyar kaka ba, ka kuma bar wa yaran shago ɗaga buhu har likitanka ya sallame ka.

Ranar aikin yaron za a ce a dakatar da nono na wasu awoyi kafin a shiga, yawanci huɗu. Ku bi lokacin da suka faɗa daidai, ko yana kuka, domin nono a ciki yana iya komawa huhu in an ba da maganin barci. In ya tashi da mura ko zazzaɓi a safiyar, ku faɗa kafin a fara. Kuma da yake an haife shi kafin lokaci, mai yiwuwa a kwantar da shi dare ɗaya a sa ido a kan numfashinsa, don haka uwarsa ta tafi da shirin kwana. Ka roƙi likitan ya duba ɓangaren hagu shi ma, kuma ya tabbatar maka 'ya'yan marainan biyu duk sun sauka wurinsu. Allah ya sa a yi a sa'a, ya raya mana shi.